Zan sayar da gidan burodina: yaya ake raba kuɗin tsakanin injuna, haja da suna?

Alhaji Sabo:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji, domin na shiga wani lamari da ban taɓa yin irinsa ba. Ina da gidan burodi a ɓangaren Hotoro wanda na buɗe a shekarar 2019, kuma saboda yanayin lafiyata na yanke shawarar in sayar da shi kafin wannan shekara ta 2025 ta ƙare, in koma sayen hatsi tare da ƙanena a Dawanau. Mun daidaita da wani kamfani a kan naira miliyan 60, kuma a cikin cinikin akwai injuna da motar rabon burodi, da fulawa da sukari da leda da ke sito, da sunan burodin da duk masu shagunan da muke kai wa. Ginin na haya ne, don haka ba ya ciki. Jiya akantan mai sayen ya aiko da takardar yarjejeniya, sai na ga ya rubuta cewa kayan aiki miliyan 35 ne, haja miliyan 15, suna kuma miliyan 10. Ni kuwa na san abin da ke sitona bai wuce na miliyan 7 da rabi ba a yadda na saye shi. Da na yi masa magana sai ya ce kada in damu, tunda jimillar ba ta canja ba, miliyan 60 ɗina zan karɓa. Shin da gaske ne wannan rabon ba zai shafe ni ba?

Auwalu Kwari:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. A ganina kuɗin suna da kake magana a kai shi ne abin da muke kira kuɗin sallama a kasuwa, wato abin da sabon mai shiga yake ba wanda zai bar masa shago. Mu a Kantin Kwari ba a ma rubuta shi a takarda, tsakanin mutum biyu ne da shaidu, kuma ban taɓa jin an biya masa haraji ba. Me zai hana ku cire shi daga yarjejeniyar gaba ɗaya, ku rubuta miliyan 50 kawai?

Barista Hadiza:
Malam Auwalu, abubuwan biyu sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Kuɗin sallama ana biyansa ne saboda wurin, ko da wanda zai shiga atamfa zai sayar alhali mai fita takalma yake sayarwa. Abin da Alhaji yake sayarwa kuwa shi ne sunan da mutane suka saba gani a jikin leda, da masu shayi da masu kanti da suka saba jiran motarsa da asuba, kuma wannan zai bi mai sayen ko da ya tashi daga wannan ginin. Game da cire miliyan 10 daga takarda, ina roƙon Alhaji kada ya kusanci wannan shawara. Kamfani ne zai biya, ta banki zai biya, kuma zai shigar da miliyan 60 a littattafansa. Ranar da aka zo binciken kamfanin aka ga takarda ta ce 50 banki ya ce 60, sunan Alhaji ne zai fara fitowa. Bayan haka, idan mai sayen ya ƙi cika ragowar kuɗin, abin da ba a rubuta ba yana da wuyar karɓowa a kotu.

Malam Nura Akanta:
Alhaji, ranka ya daɗe, amsar a taƙaice ita ce rabon ya shafe ka, domin hukumar haraji ba ta kallon miliyan 60 a matsayin abu ɗaya. Tana kallon ciniki uku ne da aka ƙulla a takarda ɗaya, kuma kowanne da irin harajinsa. Kafin in yi lissafi ina buƙatar sanin abu uku. Shin gidan burodin kamfani ne mai rajistar limited, ko kuwa sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista a hukumar CAC? Nawa ka sayi injunan da motar a 2019? Sannan a shekarun nan da kake shigar da bayanan harajinka, akantanka yana cire rangwamen da doka ta ba da saboda tsufan kayan aiki, wanda muke ce wa kafital alawus?

Alhaji Sabo:
Sunan kasuwanci ne kawai, ni kaɗai ne mai shi, kuma harajina a Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano nake biya. Obin da injin kwaɓa da na yanka da janareto da mota, duka miliyan 14 na kashe a lokacin, kuma ina da rasit ɗin kowanne. Na kira yaron da yake yi mini lissafi yanzu, ya ce an cire wannan rangwamen tun shekarar farko, kuma ya ƙare tuni, har ya ce a littafin haraji kowane inji naira goma ya rage masa. Ban fahimci yadda obin da ke gasa buhu ashirin a rana zai zama na naira goma ba, amma haka ya ce.

Malam Nura Akanta:
Abin da ya faɗa daidai ne. A dokar da ake aiki da ita zuwa ƙarshen wannan shekara ta 2025, mai inji yana cire rabin kuɗinsa daga riba a shekarar da ya fara amfani da shi, sauran rabin kuma a raba shi shekara huɗu, sai a bar naira goma a littafi don a nuna cewa kayan yana nan. Wato a shekarun baya an rage maka ribar da za a ɗora wa haraji da kusan miliyan 14, bisa zaton cewa injunan suna ƙarewa. To yau ga shi za ka sayar da su da kuɗi mai yawa, ka ga zaton bai tabbata ba, sai doka ta ce a maido da rangwamen da aka ba ka, a haɗa shi da ribar kasuwancinka ta bana. Amma akwai iyaka, kuma wannan iyakar ita ce mabuɗin maganarka: ba a maido da fiye da abin da aka ba ka. Ko an rubuta injunan miliyan 20, ko an rubuta su miliyan 35, abin da zai dawo cikin ribarka bai wuce miliyan 14 ba. Abin da ya hau kan kuɗin da ka saye su, wannan ribar kadara ce, kuma harajinta a wannan shekara ta 2025 kashi 10 cikin 100 ne.

Haja kuwa ba ta da wani sirri. Sayar da fulawa da sukari ga wanda ya sayi gidan kamar sayar da su ne a kowace rana, duk abin da ya hau kan kuɗin sayensu ribar kasuwanci ce, kuma ga mutum irinka da ribarsa ta shekara ta wuce miliyan 3 da dubu 200, matakin ƙarshe na harajin kuɗin shiga a 2025 kashi 24 ne. Suna kuma kadara ce da kai ka gina ta da hannunka, ba ka saye ta a wurin kowa ba, saboda haka babu kuɗin saye da za a cire, dukan abin da aka biya ka a kanta riba ce, amma a kashi 10.

Yanzu mu gwada da takardar da aka aiko maka. Rangwamen da zai dawo miliyan 14 ne, ribar haja kuma 15 a cire 7 da rabi, saura 7 da rabi, jimilla miliyan 21 da rabi ke nan a kashi 24, wato kusan miliyan 5 da dubu 160. Ribar injuna 35 a cire 14, saura 21, a haɗa da suna 10, ya zama miliyan 31 a kashi 10, wato miliyan 3 da dubu 100. Duka ya kama miliyan 8 da dubu 260. Idan kuwa aka rubuta abin da na ɗauka ya fi kusa da gaskiya, misali injuna miliyan 24, haja 8, suna 28, to abin da zai shiga kashi 24 miliyan 14 da rabi ne kawai, abin da zai shiga kashi 10 kuma miliyan 38, jimillar haraji kusan miliyan 7 da dubu 280. Bambancin ya kusa miliyan ɗaya, kuma daga aljihunka zai fita. Ban sa sassaucin da doka take ba kowane mai biyan harajin kuɗin shiga ba, wanda zai rage adadin kaɗan a ɓangarorin biyu, domin na fi son a ga daga ina bambancin yake fitowa.

Injiniya Bashir:
Idan haka ne ai maganar ta zo da sauƙi. Tunda suna ne ya fi arahar haraji, sai Alhaji ya dage a tura komai can. A rubuta injuna miliyan 5, tunda tsofaffi ne na shekara shida, haja a kuɗin sayenta, sauran miliyan 47 da rabi duka a ce na suna ne. Ta haka rangwamen da zai dawo miliyan 5 ne maimakon 14. Wa zai ce suna bai kai haka ba, tunda ba shi da farashi a kasuwa kamar buhun sukari?

Malam Nura Akanta:
Injiniya, lissafinka ya fita a takarda, domin miliyan 9 da ka ɗauke daga kashi 24 ka kai kashi 10 zai rage wa Alhaji kusan miliyan 1 da dubu 260. Matsalar ita ce ba suna jami'in haraji zai fara tambaya ba, injuna zai fara tambaya, kuma su suna da farashi. Dokar harajin ribar kadara ta tanadi cewa idan an sayar da kadarori da yawa a ciniki ɗaya, a raba kuɗin bisa adalci da abin da hankali zai ɗauka, kuma hukuma tana da ikon ajiye rabon da ta ga an ƙirƙira shi don gudun haraji, ta ɗora nata. Kai da kanka ka fi ni sanin cewa janareton da aka saya lokacin da dala take wajen naira 360 ba zai yi araha ba a wannan shekara ta 2025 da ta haura 1,400. Duk jami'in da ya tambayi dillalan injuna zai gane cewa obin kaɗai ya wuce miliyan 5. Hanyar da ake bi ita ce a fara kimanta abin da ake iya taɓawa, abin da ya rage daga jimillar shi ne kuɗin suna, ba a fara da suna a bar wa injuna ragowa ba.

Sannan akwai gwaji na biyu. Alhaji, nawa ce ribar gidan a shekara bayan an cire komai?

Alhaji Sabo:
A shekaru biyun da suka wuce tana tsakanin miliyan 9 da 10, duk da tsadar fulawa da dizal.

Malam Nura Akanta:
To ka ga miliyan 28 ya yi daidai da ribar kusan shekara uku, kuma wannan magana ce da za ka iya karewa a gaban kowa, domin ɗan kasuwa yana iya biyan ribar shekara uku don ya sami kwastomomin da ba shi ya sha wahalar tara su ba. Miliyan 47 da rabi kuwa ribar shekara biyar ce, ga gidan da ginin ma na haya ne. Akwai kuma wani tarko a nan da ya kamata kowa ya lura da shi: wanda ya yi shekaru yana gaya wa hukuma cewa ribarsa miliyan 2 ce, ranar da ya ce an sayi sunansa miliyan 28 shi da kansa ya buɗe wa kansa bincike, kuma doka ta ba su damar komawa baya har shekara shida.

Hajiya Rabi:
Ni zan yi magana ne daga ɓangaren mai saye, domin na taɓa sayen wurin ɗab'i a Fagge da sunan kamfaninmu, kuma ba na son a ɗauka cewa akantan nan mugunta ce ta sa shi. Aikinsa yake yi. Duk nairar da aka rubuta a kan haja, mai saye zai cire ta daga ribarsa a shekarar da ya yi amfani da kayan. Duk nairar da aka rubuta a kan inji zai cire ta a hankali ta hanyar rangwamen da Malam Nura ya bayyana. Wadda aka rubuta a kan suna kuwa, lokacin da muka saya akantanmu ya gaya mini ba a ba ta rangwame ko kaɗan, sai dai ta zauna a littafi har ranar da muka sayar. Kamfanin da yake biyan kashi 30, idan ya ƙara miliyan 7 a kan haja ya tsira da miliyan 2 da dubu 100 nan take, idan ya ƙara miliyan 11 a kan injuna ya tsira da miliyan 3 da dubu 300 a cikin 'yan shekaru. Kuskuren da mu muka yi shi ne ba mu rubuta rabo a yarjejeniya ba sam, muka rubuta jimilla kawai. Bayan shekara biyu da aka zo duba littattafanmu aka ce mu nuna hujjar kuɗin da muka ɗora wa injunan, muka nemi wanda ya sayar mana, ashe shi wani adadi daban ya rubuta a nasa bayanan. An rage mana rangwamen, muka biya cikon har da tara.

Barista Hadiza:
Abin da ya sami Hajiya shi ne dalilin da ya sa nake nacewa a kan jadawali a bayan yarjejeniya. A jera kowane inji da sunansa da lambar da ke jikinsa da kuɗinsa, motar da lambar rajistarta, a ƙirga haja a ranar miƙa makulli a gaban wakilan ɓangarorin biyu su sa hannu, sannan a sa sharaɗi cewa kowane ɓangare da wannan rabon zai shigar da bayanan harajinsa. Kuɗin da za a biya mai kimanta kadara mai rajista don ya rubuta rahoto a kan injunan ba asara ba ne, domin shi da kuɗin lauya da la'adar dillalin da ya haɗa cinikin ana cire su daga ribar kadara kafin a ɗora kashi 10. Haka kuma, idan ana so kuɗin suna ya tsaya da ƙafarsa, sai takarda ta nuna me aka miƙa: sunan da tambarin leda, jerin masu shagunan da ake kai wa, lambobin wayar oda, da alkawarin cewa Alhaji ba zai buɗe wani gidan burodi a yankin ba na wasu shekaru. Batun rajistar NAFDAC ma a rubuta wanda zai bi sauya ta, kada mai saye ya ɗauka cewa tana bin leda ne kai tsaye.

Malam Nura Akanta:
Bayanin Hajiya ya nuna wa Alhaji inda zai sassauta da inda zai tsaya. Ku sake duba lissafin da na yi: duk bambancin nan na kusan miliyan ɗaya daga haja ya fito, wato miliyan 7 da aka ƙara mata, sau kashi 14 da ke tsakanin 24 da 10. Ƙarin da aka yi wa injuna daga 24 zuwa 35 bai ƙara wa Alhaji ko kwabo ba, domin da zarar kuɗin inji ya wuce yadda aka saye shi, ko an kira ƙarin ribar inji ko an kira shi kuɗin suna, kashi 10 ne. Saboda haka idan mai kimantawa ya ce injunan suna tsakanin miliyan 24 da 27, Alhaji yana iya yarda da 27, mai saye ya amfana, shi kuma bai rasa komai ba. Abin da ba zan ba shi shawarar sa wa hannu ba shi ne 35, ba don zai biya ƙari ba, sai don takardar da ya san ba gaskiya ba ce za ta ɗauki sa hannunsa. A kan haja kuwa kada ya motsa. Fulawa tana da farashi a kasuwar Singa kowace safiya, kuma ba wanda zai yarda cewa kayan miliyan 7 da rabi sun zama na 15 a dare ɗaya.

Malama Zainab:
Malam Nura, ina tare da kai a kan ƙa'idar, amma akwai gyara kaɗan, domin ni ma aikin da nake yi ke nan. Maido da rangwame ba a dunƙule ake yin sa ba, kowane kaya da nasa lissafin. Obin da janareto sun ƙara kuɗi saboda faɗuwar naira, amma motar da ta yi shekara shida tana zagaya unguwanni da burodi tana iya yin ƙasa da yadda aka saye ta. Idan an sayi motar miliyan 3 kuma yau ta tsaya a 2 da rabi, to 2 da rabi ne kawai zai dawo cikin riba, kuma babu ribar kadara a kanta. Wato abin da zai dawo miliyan 13 da rabi ne ba 14 ba, ribar sauran injunan kuma ta zama 10 da rabi. Bambancin harajin bai wuce naira dubu 70 ba a nan, amma yana nuna cewa maganar ƙari ba ya cutar da Alhaji tana aiki ne kawai a kan kayan da kuɗinsu ya riga ya wuce na saye. Idan mai sayen ya ɗora ƙarinsa a kan motar, rabin miliyan na farko a kashi 24 zai faɗa.

Malam Nura Akanta:
Gaskiyarki, Malama, na dunƙule ne don sauƙi, kuma gyaranki ya ƙara nuna amfanin jadawalin da Barista ta ambata.

Malam Sani Kurna:
Ni tambayata a kan kaina ce, ku yi haƙuri. Ina da injin niƙa da na markaɗe, kuma ina tunanin sayarwa. Ban taɓa shigar da wani lissafi ba, abin da jami'ai suka yanka mini a shekara shi nake biya in karɓi rasit. Shin ni ma za a ce in maido da rangwamen da ban san an ba ni ba?

Malama Zainab:
Abin da ake maidowa shi ne rangwamen da aka ba da, don haka wanda ba a taɓa lissafa masa ba yana da hujjar cewa babu abin da zai maido. Amma ribar kadara tana nan idan ka sayar sama da yadda ka saya, kuma a nan ne rashin rasit yake ciwo, domin idan ba ka iya nuna kuɗin saye ba, jami'i yana iya ƙin cire adadin da ka faɗa da baki. Ka nemi rasit ɗin ko shaidar tura kuɗi ta banki tun kafin ka sa injin a kasuwa.

Alhaji Sabo:
Na gode ƙwarai, jama'a, Allah ya saka da alheri. Akwai abu biyu da ban faɗa ba. Na farko, masu shayi da masu kanti suna riƙe da bashin burodi na kusan miliyan 2, kuma mai sayen ya ce shi zai karɓa. Na biyu, miliyan 40 zai biya a wannan wata na Nuwamba, ragowar 20 kuma sai watan Maris.

Barista Hadiza:
Bashin nan abu na huɗu ne, Alhaji, kuma dole ya sami nasa layin a jadawali. Idan yana cikin miliyan 60 ɗin, to kuɗin suna ya ragu da gwargwadon abin da aka kimanta bashin. Idan kuwa ba ya ciki, a rubuta cewa mai sayen zai karɓo maka ne ya miƙa maka. Na ga cinikin da ya lalace a kan wannan kaɗai, kowane ɓangare yana ganin bashin nasa ne.

Malam Nura Akanta:
Na ƙara da cewa idan an riga an lissafa wannan burodin cikin cinikin da ka shigar, to an riga an ɗora masa haraji, kuma barin sa ya narke cikin kuɗin suna yana nufin ka biya kashi 10 a kan kuɗin da ka riga ka biya wa haraji.

Maganar watan Maris ita ce ta fi girma a duk abin da muka tattauna. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 za ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, kuma ta kawar da kashi 10 na ribar kadara. Daga ranar, ribar kadarar mutum za ta shiga cikin kuɗin shigarsa a bi ta da matakan haraji, waɗanda suka fara daga sifiri a kan dubu 800 na farko suka ƙare a kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Idan aka ɗauki miliyan 52 da rabi na Alhaji, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin sayen haja, aka bi da shi ta waɗannan matakan, ya kai kusan miliyan 11, tun kafin a haɗa da ribar burodin shekarar. Ka kwatanta da miliyan 7 da ɗoriya. A fahimtata ranar da aka ƙulla yarjejeniya ita ce ranar sayarwa, kuma dokar da ake aiki da ita zuwa ƙarshen 2025 ba ta rarraba riba bisa biyan kashi-kashi sai idan biyan ya wuce wata 18. Don haka idan an sa hannu an miƙa gidan a Nuwamba, cinikin duka na 2025 ne ko da an cika kuɗin a Maris, kuma harajin ribar kadarar ana so a shigar da shi a biya kafin 31 ga Disamba. Wannan yana nufin Alhaji ya ware kusan miliyan 4 daga miliyan 40 na farko kafin ya kai kuɗin Dawanau.

Malama Zainab:
A nan ban gamsu gaba ɗaya ba. Idan yarjejeniyar ta ce suna da mallakar injuna ba za su koma hannun mai saye ba sai ya cika kuɗin, wanda kuma shi ne abin da kowane lauya zai so ya rubuta don kare Alhaji, to jami'in haraji yana iya cewa cinikin mai sharaɗi ne kuma bai tabbata ba sai a Maris. Kariyar da Alhaji yake buƙata daga mai saye tana iya jefa shi cikin sabuwar doka.

Barista Hadiza:
Ana iya miƙa mallaka a Nuwamba a kuma kare ragowar kuɗin ta wata hanya, kamar lamunin banki, ko jinginar da injunan ga Alhaji har a cika, tare da yi wa jinginar rajista tunda mai sayen kamfani ne. Ko mai sayen zai yarda da haka, wannan sai an zauna da shi. Ina ganin tunda shi ma yana son Alhaji ya sassauta a kan kuɗin injuna, akwai abin da kowa zai bayar.

Injiniya Bashir:
To idan Alhaji ya zuba kuɗin cikin sabuwar sana'arsa, ba na ji an ce ana ɗage harajin ga wanda ya sake zuba jari ba?

Malam Nura Akanta:
Akwai wannan sassaucin a dokar da ake aiki da ita zuwa ƙarshen 2025, amma ga wanda ya sayar da kadarar sana'a ya sayi irinta cikin wata 12, inji a madadin inji, ko suna a madadin suna. Buhunan masara da gero haja ne, ba sa cikin wannan.

Alhaji Sabo:
Na fahimta. Gobe in Allah ya kai mu zan nemi mai kimanta injunan, kuma na gaya wa yaran sito su fara ƙirga buhuna da katan-katan na bota, a haɗa da rasit ɗin kowanne. Barista, zan turo miki takardar da suka aiko ta akwatinki ki duba sashen da ya yi maganar ranar miƙa mallaka, domin na karanta shi sau biyu kuma ina ganin Maris suka rubuta.